Daga Sikeli Zuwa Sirinji: Yadda Ake Fitar da Awon Sirof ɗin Yaro

Takardar da likita ya rubuta da miligiram take magana. Sikeli da kilo yake magana. Kwalbar da ke kan kanta a kemis kuwa mililita ta sani. Uwar da za ta koma gida da maganin ba ruwanta da ko ɗaya daga cikin ukun, abin da take son ji kawai shi ne inda za ta tsaya idan ta zuƙo maganin a sirinji. Wanda ke tsakani, ko ma'aikacin lafiya ne a ƙaramin asibiti a Kutama, ko mai kemis a Getso, ko ɗalibar da aka turo koyon aiki a Garo ta ƙasar Kabo, shi zai haɗa waɗannan lambobi uku ya fitar da lamba guda. Lissafin bai wuce na ɗan aji biyar a firamare ba: ninkawa sau ɗaya, rabawa sau biyu. Amma kuskuren da ake yi a cikinsa ba kasafai yake zama na kalkuleta ba. Ana yin sa ne tun kafin a taɓa kalkuleta, a wurin ɗauko lambobin.

A sani tun daga farko, wannan jagora ba ta zaɓar wa yaro magani, ba ta kuma yanke miligiram nawa za a ba kowane kilo. Wannan aikin wanda ya duba yaron ne, da littafin ƙa'idojin da yake aiki da shi. Mu daga inda aka riga aka rubuta za mu ɗauka.

Za mu bi yarinya guda daga farko har ƙarshe. Misali ce, ba wata takamaimiya ba: shekararta biyu, an kawo ta da zazzaɓi da tari, an gwada jininta ba a ga maleriya ba, an ƙirga numfashinta ya haura 40 a minti ɗaya, an rubuta mata farasitamol da amokisilin.

Nauyin yau, ba na hasashe ba

A ɗora ta a sikeli. Idan sikelin ratayawa ne mai wando, irin na ranar awo, a fara tabbatar da cewa allurarsa tana kan sifili alhali wandon yana rataye babu kowa a ciki. A cire mata takalmi da rigar sanyi, musamman lokacin hunturu da ake naɗe yara da kaya bisa kaya. Idan sikelin takawa ne kaɗai a wurin, kuma yarinyar ta ƙi tsayawa, to uwar ta hau da ita a hannu, a rubuta, sannan ta miƙa ta ga wani ta sake hawa ita kaɗai. A ce da yarinyar an sami kilo 63.1, ita kaɗai kuma 54.5. Bambancin, kilo 8.6, shi ne nauyin yarinyar.

A duba fuskar sikelin da kyau. Wasu sikelin takawa da ake saya a kasuwa layi biyu gare su, ɗaya `kg` ɗaya `lb`, na batir kuma akwai maɓalli a ƙasansu da ke sauyawa daga wannan zuwa wancan. Kilo ɗaya ya kai `lb` 2.2, saboda haka yarinyarmu za ta nuna 19 a wancan layin. Duk wanda ya ɗauki 19 a matsayin kilo ya ninka mata kowane magani fiye da sau biyu, kuma sauran lissafinsa zai tafi daidai ba tare da wata alama ba. Abin da ke kama wannan kuskure ido ne: ɗan kilo 19 yaro ne da ya isa shiga firamare, ba wanda ake goyawa ba.

Akwai wata dabara da ake koyarwa don lokacin gaggawa: a ƙara 4 a kan shekarun yaro, a ninka biyu. 'Yar shekara biyu ke nan za ta ba da kilo 12. Dabarar an gina ta ne a kan yaran da suka yi girman da ake tsammani, yarinyarmu kuwa 8.6 gare ta. Mai hasashe ya ƙara mata kusan kilo uku da rabi da ba ta da su, kuma kowane kilo na ƙarya yana jawo nasa miligiram. A karkararmu, inda yaro kan zube bayan yaye ko bayan gudawa ko ƙyanda, hasashe da shekaru ya fi karkata ga wuce gona da iri. Haka ma nauyin da ke katin awo: idan na watanni uku baya ne, tarihi ne. Kuma 'yar shekara biyu mai kilo 8.6 tana ƙasa da nauyin sa'o'inta, ya kamata a auna damtsenta da tef ɗin awon tamowa kafin ta bar wurin. Wannan wani zance ne daban, amma ba a barin sa ya wuce.

Miligiram tukuna, mililita daga baya

Ƙa'idar farasitamol ga yara ita ce miligiram 10 zuwa 15 a kowane kilo a duk sha ɗaya, ba a maimaitawa kafin awa huɗu zuwa shida, ba a kuma wuce sau huɗu a awa 24. An rubuta wa yarinyarmu 15.

Mataki na farko, a ninka nauyi da abin da aka rubuta:

```
8.6 × 15 = 129 mg
```

A rubuta wannan 129 a takarda, a sa masa `mg` a gefe. Kada a riƙe shi a kai. Shi ne abin da jikin yarinyar yake buƙata, kuma ba ya canzawa ko wace kwalba aka ɗauko.

Mataki na biyu, a ɗauki kwalbar a hannu a karanta ƙarfinta. Ba daga kwali ba kawai, daga jikin kwalbar, domin a kemis mai cunkoso kwalba kan shiga kwalin da ba nata ba. A ce an rubuta `120 mg/5 ml`. Ma'anarsa, a cikin kowane mililita 5 akwai miligiram 120. A raba don a san abin da ke cikin mililita ɗaya:

```
120 ÷ 5 = 24 mg/ml
```

Mataki na uku, a raba abin da yarinyar ke buƙata da abin da ke cikin mililita ɗaya:

```
129 ÷ 24 = 5.4 ml
```

A makarantun koyon aikin lafiya akan haɗe matakai biyun ƙarshe a layi ɗaya, a raba 129 da 120 a ninka da 5. Amsar ɗaya ce. Ni dai na fi son a raba su, domin wanda ya saba fitar da abin da ke cikin mililita ɗaya yana ganin ƙarfin kwalba da idonsa, wanda ya haddace layi ɗaya kuwa wata rana zai juya lambobin, ya raba 120 da 129, ya sami 4.7, kuma tun da 4.7 ya yi kama da gaskiya, ba abin da zai tsayar da shi. A wannan misalin ɓarnar kaɗan ce. A wani misalin juyin yakan mai da mililita 2 ya koma 12.5.

Saura gyara lambar. Babu uwar da za a ce wa ta auna 5.4 da tsakar dare da hasken tocilar waya. Ana matsar da lambar zuwa layin da ake gani a sirinji, sannan a koma baya a duba ko har yanzu tana cikin iyaka. A farasitamol, tun da 15 shi ne ƙololuwa, ƙasa ake sauka: mililita 5. A duba: 5 sau 24 ya ba da miligiram 120, a raba da 8.6, an sami kusan 14 a kowane kilo. Yana tsakanin 10 da 15, ya yi. A duba na yini kuma: sau huɗu na miligiram 15 shi ne 60 a kowane kilo, wato 516 ga wannan yarinya, mu kuwa sau huɗu na 120 ya ba mu 480. Wannan komawa baya ba ta cin rabin minti, kuma ita ce ke kama yawancin kurakurai.

Da an bi hasashen kilo 12, da an sami miligiram 180, wato mililita 7.5. A jikin 'yar kilo 8.6 wannan kusan miligiram 21 ne a kowane kilo, sau huɗu a yini ya haura 80, kuma uwa za ta yi ta bayarwa kwana uku ko huɗu tana ganin bin umarni take.

Suna ɗaya, ƙarfi daban-daban

Nan ne mafi yawan haɗarin yake, don haka bari mu daɗe a nan. Kalmar "farasitamol na yara" ba ta gaya wa kowa ƙarfin abin da ke cikin kwalba. Kamar kunu ne: ludayi ɗaya na mai kauri da ludayi ɗaya na tsararo duk ludayi ne, amma kamun da ke ciki ba ɗaya ba.

A kasuwarmu ana samun `120 mg/5 ml`, ana samun `125 mg/5 ml`. Tsakanin waɗannan biyu bambancin ƙalilan ne: na biyun miligiram 25 ne a mililita, 129 a raba da 25 ya ba da 5.2, a sauka zuwa 5 kamar dā. Akwai kuma `250 mg/5 ml` na manyan yara, mai miligiram 50 a mililita. A wannan, rabon yarinyarmu 2.6 ne, a ba ta 2.5. Sai na ɗigawa da ake yi wa jarirai, a 'yar ƙaramar kwalba mai abin ɗigawa a murfi, wanda akan rubuta masa `100 mg/ml`. A lura, babu 5 a wannan rubutun. Miligiram 100 ɗin a mililita ɗaya tak suke, ba a biyar ba. Idon da ya saba ganin "kaza bisa 5" yakan sa 5 ɗin da kansa, ya ɗauka wannan ma ya fi sauran rauni tun da 100 bai kai 120 ba, kuma ai na jarirai ne. Alhali ya fi sirof ɗin 120 ƙarfi fiye da sau huɗu. Rabon yarinyarmu a cikinsa 129 a raba da 100, wato 1.3, a ba ta 1.2.

Yanzu a ɗauka an ce wa uwar "mil biyar" a asibiti, ta iso gida ta tarar da ragowar na ɗigawa da aka saya wa jaririn kishiyarta, ta ce ai duk farasitamol ne, ta zuƙi biyar. Ta ba da miligiram 500 a sha ɗaya, kusan abin da ya kamata yarinyar ta sha a yini guda cur. Idan ta yi haka sau huɗu, miligiram 2,000 ke nan a jikin 'yar kilo 8.6. Wannan ba matsalar ƙauye ba ce kawai. A Amurka irin wannan ruɗani ne ya sa a shekarar 2011 kamfanonin magani suka fara janye na ɗigawa mai miligiram 80 a mililita 0.8, suka mai da na jarirai da na yara ƙarfi ɗaya, miligiram 160 a mililita 5. Mu a nan duk nau'o'in suna kan kanta ɗaya, saboda haka lambar mililita ba ta da ma'ana sai an ɗaure ta da kwalbarta. "Mil biyar" rabin magana ne. "Mil biyar na wannan kwalbar" ita ce cikakkiya.

Abin da ya sa ake tsananta wa farasitamol shi ne yadda yake ɓoye ɓarnarsa. Yaron da ya sha fiye da ƙima zai iya wuni yana wasa, ko ya ɗan yi amai kawai, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku hanta ta fara nunawa, ido ya yi rawaya, ciki ya yi ciwo ta dama, yaro ya yi laushi. Akwai makari, amma ya fi aiki idan an fara shi cikin awa takwas na farko. Don haka da zarar an gane an ba da ninki, ba a jiran alama. A ɗauki yaro da kwalbar da aka ba shi daga ciki a nufi Babban Asibitin Gwarzo ko wani babban asibiti mafi kusa, a faɗi ƙarfe nawa aka bayar da kuma nawa. Kuma kafin a rubuta farasitamol a tambayi abin da aka riga aka ba yaro a gida, domin da yawa daga cikin magungunan mura da na haƙori da ake sayar wa yara akwai farasitamol a cikinsu, sunan ne kawai daban.

Na sha ɗaya ne, ko na yini?

Mu koma kan amokisilin. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2014 kan ciwon nimoniya a yara ta ce miligiram 40 a kowane kilo a duk sha, sau biyu a rana. Wani littafin zai rubuta wannan abu ɗaya da cewa miligiram 80 a kowane kilo a yini, a kasa biyu. Duka biyun daidai ne, kuma amsarsu ɗaya:

```
8.6 × 40 = 344 mg
8.6 × 80 = 688 mg;  688 ÷ 2 = 344 mg
```

Matsalar tana zuwa idan aka gauraya su. Wanda ya ga 80 bai lura da cewa na yini ne ba zai ba da 688 safe da yamma, ninki biyu, ga gudawa nan tafe. Wanda ya ga 40 ya ɗauka na yini ne zai kasa shi biyu ya ba da 172, rabin magani, kuma wannan ya fi wuyar ganewa, domin ba abin da zai faru sai dai yarinyar ta ƙi warkewa, a ce maganin jabu ne, a sauya mata wani mai tsada. A takarda, a nemi `mg/kg/dose` ko `mg/kg/day`. Na farko na sha ɗaya ne, na biyu na awa 24. Idan `mg/kg` kawai aka rubuta aka yi shiru, ba a cike gurbin da zato. A kira wanda ya rubuta. Kuɗin katin waya bai kai kuɗin kwalba ta biyu ba.

An sami 344. Amokisilin na ruwa ƙarfi biyu ne aka fi gani, `125 mg/5 ml` da `250 mg/5 ml`, wato 25 da 50 a mililita. Da mai 250: 344 a raba da 50 ya ba da 6.9, a ba da 7. A nan sama aka hau ba ƙasa ba, domin 40 ɗin shi ne mafi ƙarancin abin da ake so, kuma amokisilin yana da faɗin iyaka. Mililita 7 miligiram 350 ne, wato 40.7 a kilo. Da mai 125 kuwa 13.8 ne, a ba da 14.

Akwai lissafi na ƙarshe da ake yawan mantawa: kwalba nawa za a saya? An rubuta kwana biyar, sau biyu a rana, sha goma ke nan. Da mai 250, 7 sau 10 mililita 70 ne, kwalba ɗaya ta mililita 100 ta isa har da saura. Da mai 125, 14 sau 10 mililita 140 ne, kwalba ɗaya za ta ƙare a rana ta huɗu. Uban da aka ba kwalba ɗaya mai 125 don ta fi araha zai ga ta ƙare, zazzaɓi ya sauka, ya ɗauka an gama. Idan akwai zaɓi, ga yarinya mai wannan nauyi mai 250 ya fi: kwalba ɗaya, kuma ɗura mililita 7 a bakin 'yar shekara biyu mai tari ya fi ɗura 14 sauƙi nesa ba kusa ba. A gaya wa uwar tun yanzu cewa za a yi saura, kuma saurar zubarwa ake yi.

Tarko ɗaya ya rage a wannan dangi. Akwai amokisilin da ake haɗawa da wani sinadari mai taimaka masa, kilabulanik, wanda akan rubuta wa kwalinsa `228.5 mg/5 ml` ko `457 mg/5 ml`. Wannan babbar lambar jimillar abu biyu ce. A ƙaramin rubutu za a ga na farkon 200 ne na amokisilin da 28.5 na abokin haɗinsa, na biyun kuma 400 da 57. Idan likita da amokisilin ya yi lissafinsa, da 200 za a raba ba da 228.5 ba, wato 40 a mililita. A tambaye shi da wanne ya yi. Kada kuma a ɗauki lambar amokisilin zalla a ɗora wa wannan haɗin bisa ra'ayin kai, domin nasa awon daban ne.

Kuma lissafin kilo yana da inda yake tsayawa. Yaro ba ya wuce awon babba komai nauyinsa. A amokisilin daga kilo 40 awon manya ake komawa. A ɗaya gefen, jaririn da bai kai wata biyu ba mai zazzaɓi ba na lissafin kemis ba ne, na asibiti ne kai tsaye. Haka duk yaron da ya kasa sha ko kama nono, ko yake amayar da komai, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laushin da ba a iya tashinsa.

Ruwan da aka zuba shi ke yanke ƙarfi

Amokisilin gari yake zuwa a kwalba. Rubutun `250 mg/5 ml` alkawari ne da ba ya cika sai an zuba ruwa daidai layin da ke jikin kwalbar. Garin da ke kwalbar mililita 100 miligiram 5,000 ne. Idan aka cika ruwa har wuya ya kai, a ce, 125, kowane mililita ya koma 40 maimakon 50, kuma mililita 7 ɗin da muka wahala muka fitar ya zama miligiram 280 maimakon 350. Idan ruwan bai kai layi ba, maganin ya yi ƙarfi, ya kuma ƙare da wuri.

Ga yadda ake yi. A bubbuga kwalbar tukuna garin ya saki, don yakan dunƙule a gindi. A kawo ruwan da aka tafasa ya huce sarai. Ruwan zafi yana lalata maganin. A zuba kamar kashi biyu cikin uku na hanyar zuwa layi, a rufe, a girgiza sosai har ba a ganin busasshen gari idan an kifa kwalbar. A ajiye ta a kan tebur kumfa ya kwanta. Sannan a sunkuya ido ya yi daidai da layin, a ƙara ruwa kaɗan-kaɗan har ya taɓa shi, a sake girgizawa. Wanda ya zuba har layi a karon farko zai ga ruwan ya sauka bayan gari ya jiƙa, wanda ya auna da kumfa kuma ruwansa bai kai ba. Wasu kwalaben ba su da layi, adadin ruwan ake rubutawa a jiki. Wannan sai a auna da sirinji. Ya fi kyau a haɗa maganin a gaban uwar kafin ta tafi, a rubuta ranar a jikin kwalbar. Yawanci kwana bakwai ake ba shi bayan haɗawa, a duba abin da takardarsa ta ce. Inda babu firji a nemi wuri mafi sanyi a ɗaki, gindin randa misali, ba kan taga ba. Kuma a girgiza kafin kowane sha, domin garin ba narkewa yake ba, kwanciya yake: sama ruwa-ruwa, ƙasa kauri.

Abin awo, da abin da za a faɗa

A littafi cokalin shayi mililita 5 ne. A kwandon cokulan gida kuwa akwai mai ɗaukar rabin haka, akwai mai ɗaukar fiye da 7, ga kuma wanda zai ji "cokali" ya ɗauko na cin shinkafa. Ɗan kofin da ke zuwa a kan murfi ya fi cokali, amma layukansa kaɗan ne, galibi 2.5 da 5 da 10, babu 7 balle 1.2. Sirinji shi ne abin awo. A cire allurar a jefa ta a kwalin allurai a gaban uwar, a ba ta sirinjin kaɗai. Ana karantawa ne a gefen baƙar robar da ke fuskantar bakin sirinji, ba tsakiyarta ba, ba bayanta ba. Idan iska ta shiga, a mayar a sake zuƙa. Don mililita 7 a ba da sirinji mai 10. Idan mai 5 ne kawai, to cike ɗaya da kuma 2, a nuna hakan a fili. Don 1.2 sai ƙaramin sirinji mai 2.

Sai a manna ɗan filasta a daidai layin, ko a zana da maka. Tun da magani biyu ne, sirinji biyu ya fi, kowanne a ɗaure da kwalbarsa da roba. A rubutu, a sa sifili kafin ɗigo, `0.5` ba `.5` ba, kada kuma a rubuta `5.0`, domin ɗigon biro yakan ɓace a takardar da ta sha gumi a ƙullin zane, 5.0 ya koma 50. Lokaci kuma da salla ake ɗaure shi: asuba da magariba sun yi kusa da awa 12 a tsakani, sun dace da mai sau biyu. Ga yadda za a gaya wa uwar:

"Maman Ummi, wannan babbar kwalbar, ki girgiza, ki zuƙo har bakin filasta. Bayan sallar asuba ɗaya, bayan magariba ɗaya, kwana biyar, ko da kin ga ta warware. Ungo, gwada in gani."

"Malam, to in ta tofar fa? Ita sai an toshe mata hanci."

"A'a, ban da ɗura. Ki zaunar da ita a cinya kanta a sama, ki sa bakin sirinjin ta gefen kumatu, ki riƙa turawa kaɗan-kaɗan tana haɗiyewa. In kika toshe hanci kika kwarara, yana iya bin hanyar numfashi, ga shi dama ƙirjin ne ke ciwo. In ta amayar da shi duka nan take, ki kira ni kafin ki sake. Na zazzaɓin kuwa kada ki ƙara don ta tofar da kaɗan, ki jira lokacinsa."

Wannan "gwada in gani" ba a tsallake shi. A nan ake gane wadda ke karanta sirinji ta bayan roba, da wadda ta ɗauka har ƙarshen sirinjin za ta cika. Idan kuma ba ita za ta riƙa bayarwa ba, kaka ce ko yayar yarinyar saboda uwar na fita aiki, to ita ma a nuna mata. A ce su dawo bayan kwana uku a sake ƙirga numfashin, ko kafin haka idan ta kasa sha ko numfashin ya ƙaru. Ranar da suka dawo a karɓi kwalbar a ɗaga ta a haske. Bayan shan mililita 7 sau shida ya kamata 42 sun fita, a ga saura ya ɗan haura rabi. Idan kwalbar ta kusa ƙarewa, ana wuce layi ko ana raba wa wani yaron a gidan. Idan har yanzu tana kusa da cika, ba a bayarwa yadda aka ce, kuma wannan za a fara gyarawa kafin a yi maganar sauya magani.